Amsar Malam Lukindo

Sunanta na baftisma Skolastika, amma duk layinmu ba mai kiranta da shi sai mai karɓar haraji. Maman Devota muka sani. Shagon ɗinkinta na jikin nawa a bayan babbar kasuwar Morogoro, bango ɗaya ya raba mu, kuma bangon ba wani kauri gare shi ba, in ta yi atishawa ni ke ce mata sannu. Ni aikina buga takardu da kwafi. Shekara da shekaru ina jin ƙarar kekunanta ta bangon nan, har na saba, ranar da ban ji ba sai in ji kamar an ɗauke wuta.

'Yar kan dutse ce, daga Mgeta, inda ake noman kabeji a sanyi. A wurin sistocin coci ta koyi ɗinki, su suka koya mata cewa cikin riga ya kamata ya yi kyau kamar bayanta. Ta auri Gervas, direban babbar mota, suka sauko gari. 'Yarsu Devota na goye a baya, motarsa ta faɗi a hanyar Iringa ya rasu. Abin da ya bar mata keken ɗinki ne na ƙafa da ɗaki guda na haya. Da keken ta fara a bakin ƙofa, tana yi wa mutane faci da rage ƙugun wando, har ta kama shago, ta ƙaro kekuna, ta ɗauki mutum biyu. Akwai Baba Kibwana mai yanka yadi, tsoho ne da ba ya magana sai dole. Akwai kuma Zuhura, wadda mijinta ya tafi haƙar zinare bai sake waiwayowa ba, ya bar ta da 'ya'ya uku. Hannun Zuhura a kan keke abin kallo ne, wallahi ko inji sai ya yi da gaske.

Halin Maman Devota ɗaya ne yake ƙona mini rai: kunya. Mace ce da za ka taka mata ƙafa ta ba ka haƙuri. Na sha gaya mata, ba ta ji.

To, kasuwa ta mutu. Gwanjo ya cika gari, kowa sai ya ɗauki riga a ƙasa da kuɗin da bai kai na zare ba. Ɗinkin biki ya ragu, na coci sai shekara-shekara. Wani lokaci tun azahar kekunan ke yin shiru, sai in ji su suna hira ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Ana cikin haka, a watan Agusta, Malam Lukindo ya shigo shagonta.

Shi ne shugaban wata makarantar kuɗi a hanyar Kihonda, kuma ba baƙo ba ne. Shi ya tsaya wa Gervas a coci ranar aurensu, shi ya je Iringa ya taho da gawarsa. Mutum ne mai furfura da taushin murya, ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa harshe ba. Ƙanwata yake ce mata, ita kuma in za ta gaishe shi sai ta rusuna har gwiwa. Ya ce makarantarsu za ta sauya kayan ɗalibai a sabuwar shekara, yara sun haura ɗari uku, kowane riga biyu da siket ko wando. Ya ce ta rubuto tayi.

Ni na buga mata tayin, don haka na san abin da ke ciki. Mun sa irin yadin da launinsa, da farashin kowane kaya gwargwadon aji. Mun rubuta cewa farashin na wata ɗaya ne, saboda 'yan yadi a kasuwar Kariakoo ta Dar es Salaam ba su da alƙawari. Rabin kuɗi kafin a fara, saura in an kai kaya. Sati shida na ɗinki. Sannan muka ja layi ƙarƙashin abu guda: dole a auna yara kafin a tafi hutun Disamba, in ba haka ba kayan ba za su kai ranar buɗe makaranta a Janairu ba. Ta ɗinka samfuri, riga da siket da wando, ta goge su har suna ƙamshin sabon yadi, ta sa a leda ta hau acaɓa ta kai masa da hannunta.

Ta dawo tana murmushi. Ta ce ya juya rigar ya duba cikinta, ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba, zai miƙa wa mai makarantar, wata mata da ke zaune a Dar es Salaam, kuma za su neme ta.

Na tambaye ta yaushe. Ta ce ai ba a tambayar babba yaushe.

Sati biyu suka wuce, ta aika masa saƙo a waya. Na ga saƙon. Gaisuwa ce zalla, ta tambayi lafiyarsa, ta matarsa da take kira Mama, ta jikoki, ta ciwon ƙafarsa, ba kalma ɗaya a kan kayan makaranta. Ta ce shi ma ya san dalilin gaisuwar. Ya amsa da cewa kowa lafiya, Allah ya yi mata albarka. Wata ya cika, farashin da muka rubuta ya tashi aiki, ta saya masa ayaba nono guda ta kai ofis. Ya ba ta shayi da mandazi, irin fankenmu na nan, suka yi hirar marigayi har ta yi hawaye, da za ta tafi ya raka ta bakin ƙofa ya ce maganar tana nan, mai makarantar ce ba ta shigo gari ba. Ran Lahadi suna haɗuwa a coci, ya riƙe hannunta da hannu biyu, ya ce ta ci gaba da addu'a. Haka Satumba ta wuce, Oktoba ta kama.

Ku fahimce ni, haka muke a nan. Babba ba ya kallon idonka ya ce a'a, rashin mutunci ne. Zai ce ka dawo gobe, zai ce ana dubawa, kai kuma da hankalinka sai ka gane. Ƙarami kuwa ba ya tsare babba ya ce masa e ko a'a. In tsakanin baƙi ne abin da sauƙi, ka ji "ana dubawa" sau biyu sai ka kama gabanka. Amma wannan Malam Lukindo ne. Maman Devota ta ce mutumin da ya ɗauko gawar mijinta ba zai yi mata irin ta baƙi ba, in ya ce maganar tana nan, to tana nan.

Da ita kaɗai ce da ta ƙarata, ni ina ruwana. Abin da ya tayar mini da hankali Zuhura ce. A cikin Oktoban masana'antar ɗinki da ke bayan gari ta buɗe ɗaukar ma'aikata, abin da ba ta yi sai an jima. Wata 'yar'uwar Zuhura da ke aiki a ciki ta sa sunanta, aka gwada ta, ta ci. Albashin ba yawa, amma duk ƙarshen wata yana zuwa, ga katin asibiti na yara. Aka ce ta zo ta fara kafin wata ya ƙare. Zuhura ta zo ta durƙusa gaban Maman Devota ta ce ba za ta tafi ba sai da izininta, don ita ta ɗauke ta lokacin da ba ta da ko garin ugali, tuwon masararmu.

Ta bangon na ji amsar. Maman Devota ta ce ba ta hana ta ba, amma aikin makarantar nan in ya zo, abin da Zuhura za ta samu a sati shida ya fi albashin wata huɗu, kuma makaranta in ta kama tela ba ta saki, duk shekara da sababbin yara. Ta ce in ba Zuhura, ita ba ta isa ta ɗauki aikin ba. Ba ƙarya ta yi ba, duk abin da ta faɗa ta yarda da shi har zuciyarta. Zuhura ta ce to ta zauna. Wata ya ƙare, aka ba wata gurbin.

Daga nan Zuhura ta shiga shiri kamar mai jiran amarya. Ta kwance kekunan ta wanke, ta zuba mai, ta sa Baba Kibwana ya yanka ma'auni na kwali tun daga na 'yan aji ɗaya har na manya. Duk safiya in ta shigo, kafin ta ajiye jaka, sai ta tambaya ko Malam ya kira. Maman Devota kuwa ta fara ramewa. Wayarta ba ta barin hannunta, ko bayan gida da ita take shiga. In ta yi ƙara sai ta zabura, ta duba ta ga kamfanin waya ne ke tallan waƙa.

Ranar wata Litinin a tsakiyar Nuwamba, ana yayyafi, ta shigo wurina wai in ara mata caja. Na rufe ƙofa na ce ta zauna. Na ce saura sati uku a rufe makarantu, in ba a auna yara ba magana ta mutu ko da an ce e. Na ce yau za ta rubuta masa saƙo na ƙarshe, mai tambaya a ciki, ba na ciwon ƙafa ba.

Ta ce, "Mwajabu, ki rufa mini asiri. In tsare Yaya da tambaya kamar ɗan sanda? Da wane ido zan kalle shi a coci?"

Na ce, "Da idon da kike kallon Zuhura kullum da safe."

Ta miƙo wayar.

Mun fi awa a kan saƙon da bai kai tafin hannu ba. Ni na sha buga wa 'yan kwangila irinsa, na san yadda ake yi: gajere, ba gori, ba roƙo, a tuna wa mutum abin da ake magana a kai, a faɗi ranar da ake son amsa da dalilin ranar, a sauƙaƙa masa faɗin a'a, a bar ƙofa a buɗe. Ita kuwa duk layin da na rubuta sai ta ce ya yi kaifi. Ta ce a sa gaisuwar jikoki, na bar mata layi ɗaya. Ta ce a cire ranar Juma'a a sa "in ka samu sarari", na ce wata uku yana da sarari. Ta ce a ƙara cewa tana cikin matsi, yara na jiran abinci, na ce a'a, in kika sa haka kin ƙara ɗaure masa harshe, wa zai iya ce wa mai kuka a'a? Ga abin da ya rage:

"Yaya, ina gaisuwa da girmamawa, da fatan kai da Mama da jikoki kuna lafiya. Ina tuni ne a kan tayin ɗinkin kayan ɗalibai da na kawo a watan Agusta. Kafin kayan su kai ranar buɗe makaranta sai an auna yara kafin hutu, kuma sai na sake duba farashin yadi. Don haka ina roƙon ka sanar da ni zuwa ranar Juma'a ko za a yi aikin da ni ko ba za a yi ba. In wani ne zai yanke, ka ba ni izini in tuntuɓe shi. In amsar a'a ce, wallahi ba zan ji komai ba, kuma ba abin da zai taɓa zumuncinmu, sani kawai nake so don in san abin da zan gaya wa ma'aikatana. In ban ji daga gare ka ba zuwa ranar, zan ɗauka bana ba rabo, ba zan sake damun ka ba. Ko gaba in buƙata ta taso, ina nan. Ƙanwarka, Maman Devota."

Ta karanta sau ba adadi, leɓenta na motsi. Ta ce layin "zan ɗauka bana ba rabo" kamar ta rufe wa kanta ƙofa ne. Na ce ƙofar da ba ki san a buɗe take ko a rufe ba, ai a waje kike kwana. Ta yi alamar giciye, ta rufe ido, ta danna. Sai ta ajiye wayar a kan injin kwafi ta ja baya kamar za ta fashe.

Na ɗauka za mu jira har Juma'a. Ban gama haɗa mata shayi ba wayar ta yi ƙara. Shi ne, kira ba saƙo ba. Ta miƙe tsaye ta gyara zani kafin ta ɗauka, ta gaishe shi tana rusunawa kamar yana ganinta. Shagona ƙarami ne, muryarsa na fitowa, na ji komai.

Ya daɗe yana gaisuwa. Sannan ya ce ya karanta saƙonta sau uku, kuma ya gode da ta ce ba za ta ji komai ba, don abin ya daɗe yana hana shi barci. Ya ce ya miƙa tayin kamar yadda ya yi alƙawari, a satin da ta kawo. Mai makarantar ta duba ta ce aikin ya yi kyau, amma akwai wani kamfani a Dar da zai kawo kayan a ɗinke, ba awo, ba kuɗin gaba. Ta sa hannu da su tun farkon Satumba. Kayan ma sun iso, suna ɗakin ajiya.

"Ƙanwata, na rasa yadda zan gaya miki ne. Ranar da kika kawo ayaba na yi niyya, sai muka shiga maganar Gervas kika yi kuka. Na ce yau ba rana ba ce. Kullum sai in ce bari dai ta ɗan samu sauƙi, ko ta gane da kanta."

Na jira ta ce wani abu. Ni da ni ce, da makaranta gaba ɗaya ta ji muryata. Abin da ta ce shi ne ba komai Yaya, Allah ya saka da alheri da ƙoƙarin da ka yi. Ta ce ya gaida Mama. Ya ce ta aiko a karɓi samfurinta, yana nan a ledarsa ba abin da ya same shi. Ta sake godiya.

Farkon Satumba. Na tsaya ina lissafi a raina. Lokacin da ta aika gaisuwar farko amsar na nan a ƙasa. Lokacin da Zuhura ta durƙusa tana neman izini, amsar ta fi wata guda a bakin mutumin, kuma saƙo guda irin wannan ne zai fito da ita, cikin abin da bai kai tafasar ruwan shayi ba. Ba wanda ya cuce ta da gangan, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba mugu a labarin da zan zaga in huce. Shi tausayi ya rufe masa baki, ita kunya, kuma wadda aka yi wa ɓarnar ba ta cikin maganar ma, tana can bayan bango tana goge keke.

Maman Devota ta zauna a kan kwalin takardu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, kuɗin hayar shago na Janairu da wannan aikin ta dogara, amma wannan da sauƙi, za ta koma bakin ƙofa da keke ɗaya kamar da, ta saba. Baba Kibwana yana da ɗa a Dodoma da ya daɗe yana kiransa. Sai ta ce, "Zuhura fa?"

Na ce ta tashi ta je ta gaya mata yanzu, tun da zafinsa. Na ce ta faɗa kai tsaye, an ba wani, babu aiki, yarinyar ta fita nema tun yau, ko wurin 'yar'uwar tata ta koma ta yi magiya ko wani zai bar aiki. Na ce kowace rana da ta ƙara a shagon nan asara ce a kan 'ya'yanta. Ta gyaɗa kai. Ta ce gaskiyata, ba za ta bar ta cikin duhu ko na yini ɗaya ba, ita ta san zafin abin. Ta share fuska da bakin mayafi ta fita, na bi bayanta na tsaya a ƙofa.

Baba Kibwana na jera kwalayen ma'auninsa a kan tebur daga ƙarami zuwa babba. Zuhura na tsugune tana ɗaura sabon bel a keken da ya daɗe ba ya aiki, hannunta duk baƙin mai. Ƙaramar 'yarta, da ta taho da ita ranar saboda zazzaɓi, tana barci a kan tarin ƙyallaye. Zuhura ta ɗago, ta ga wayar a hannun Maman Devota, ta ga ni a bayanta, fuskarta ta washe.

"Mama, na ji kamar kina waya. Malam ne? Ya amsa?"

Maman Devota ta kalli yarinyar da ke barci. Ta kalli hannun Zuhura.

Ta ce, "Bai amsa ba tukuna. Ya ce mu ba shi zuwa Juma'a."

Zuhura ta ce Alhamdulillahi, ai Juma'a kamar gobe ce, ta sunkuya ta ci gaba da ɗaura bel ɗin.